Kan shawa da maratayi: me ɗan haya zai saya?

Kafin ka kashe ko kwabo a banɗakin gidan haya, ka tambayi kanka: ranar tashi, wannan abin zai cire ba tare da ya bar tabo ba? Duk abin da sai an huda tayil ko an sa siminti, kyauta ka yi wa mai gida.

Kan shawa ya fi komai sauya daɗin wanka, kuma da hannu ko sifana ake kwance shi. Iri biyu za ka fi gani a shagon kayan famfo: faffaɗan nan mai zubo ruwa kamar ruwan sama, da na hannu mai tiyo. Faffaɗan ya fi ɗaukar ido, amma tankinka ne zai yanke hukunci. Ruwan da ke saukowa daga tanki, ƙarfinsa ya dogara ne da tsayin tankin a kan shawar. Idan tazarar ba ta wuce mita 2 ko 3 ba, faffaɗan kai ɗigo zai riƙa yi maka daga tsakiya, sauran hujojin a bushe. Na hannu mai ƙaramin kai ya fi dacewa da irin wannan gida, don in ka sauko da shi ƙasa ruwan yana ƙara ƙarfi. Da shi za ka cika bokiti da buta, ka kuma wanke daɓe. Ni shi nake zaɓa.

Bakin bututun yawanci rabin inci ne, amma ka kwance tsohon ka tafi da shi kasuwa a gwada. Ka haɗa da farin tef na masu gyaran famfo, ka naɗa a bakin bututun kafin ka ɗaura, ka kuma tabbatar akwai ƴar baƙar roba a bakin tiyon. In babu ita, sai yoyo. Ka zaɓi kan shawa mai hujoji na roba, domin ruwan bohol kan toshe su da farin datti, na roba kuwa da yatsa ake murje su. Tsohon kan, ka ƙulle shi a leda ka adana, ranar tashi ka mayar.

Sai maratayin tawul da mazubin sabulu. Mai kama bango da iska yana cirewa tsaf, sai dai santsin tayil kawai yake riƙewa, kuma wata rana cikin dare za ka ji shi a ƙasa. Mai gam ya fi shi riƙo, amma kada ka manna shi a bangon fenti, don da fentin zai taso. Wanda ake saƙalawa a saman ƙofa shi ne ba ruwansa da bango. Ka dai auna kaurin ƙofar, ka duba ko za ta rufu da shi kafin ka biya.