Na'urar Auna Kitsen Jini a Gida: Wacce Za Ka Saya, Yaushe Kuma Za Ka Je Ɗakin Gwaji

A kemis-kemis ɗin Jos, daga Taminus zuwa titin Ahmadu Bello, za ka iske na'urorin auna kolesterol iri uku. Akwai mai araha da ke haɗa sikari da kolesterol da sinadarin ciwon gaɓoɓi a jiki ɗaya. Jimillar kolesterol kawai take ba ka, daga ɗan ɗigon jinin da ba a auna yawansa ba, don haka ba na ba da shawarar a saye ta. Akwai Accutrend Plus, wadda ingancinta ba laifi, sai dai tana karanta kolesterol ne daga 150 zuwa 300 mg/dL kawai, kuma ba ta auna HDL. Ta uku ita ce zaɓina: na'urar da tsinken gwajinta ɗaya ke fitar da jimillar kolesterol da HDL, wato kolesterol mai amfani, da TG, wani nau'in kitsen jini, a lokaci guda, irin su CardioChek PA da Mission da SD LipidoCare.

Abin da ya sa na fifita ta shi ne ɗan siririn bututun da ake ɗibar jini da shi. Tsinken yana bukatar jini mikirolita 35 zuwa 40, kuma bututun yana cika daidai wannan awon ya tsaya, don haka jinin da ya shiga yau shi ne zai shiga wata mai zuwa. Ɗaya daga cikin kurakuran gwajin gida shi ne ɗiga jinin da bai isa ba, kuma jinin da bai isa ba lamba ƙarama yake bayarwa, wadda za ta kwantar wa mutum da hankali alhali akwai matsala. Bayan haka, jimillar kolesterol ita kaɗai ba ta faɗin komai sosai. Mutum biyu za su iya samun 220, ɗaya HDL ɗinsa 65, ɗayan 32, kuma hatsarinsu ba ɗaya ba ne.

Amma ita ma wannan tana da iyaka. Ma'aunin da ake bi a Amurka, na NCEP, ya yarda gwaji ya kauce wa ainihin lamba da kusan kashi 9 cikin 100 a jimillar kolesterol, kashi 13 a HDL, kashi 15 a TG. Wannan shi ne kuskuren da aka yafe wa gwaji mai kyau. LDL kuwa, wato kolesterol mai toshe jijiya, wanda shi likita ya fi dubawa, waɗannan na'urori ba sa auna shi, lissafa shi suke yi da ƙa'idar Friedewald, inda TC ke nufin jimillar kolesterol:

```
LDL = TC - HDL - (TG / 5)
```

Ɗauki magidanci ɗan shekara 52 mai hawan jini. Allon ya nuna TC 215, HDL 42, TG 190, sai lissafi ya ba da LDL 135. Idan aka sa kuskuren da aka yafe, jimillarsa tana iya zama ko'ina tsakanin 196 da 234, wato ko dai yana ƙasa da 200, inda ake so, ko kuma ya kusa 240, inda ake cewa ya hau. HDL na iya zama 37 zuwa 47, TG kuma 162 zuwa 218. In kurakuran uku suka haɗu wajen rage LDL ko ƙara shi, LDL ɗinsa na iya zama 105 ko 165. Ba kasafai suke haɗuwa haka ba, amma ratar ta isa ta nuna cewa ba a fara shan sitatin, maganin rage kolesterol, ko a daina shi a kan wannan lambar. Kuma da zarar TG ya wuce 400, ƙa'idar ba ta aiki, duk LDL ɗin da ka lissafa a lokacin ka yi watsi da shi. Jikin mutum ma yana sauyawa: kolesterol kan motsa da kusan kashi 6 daga rana zuwa rana. Wanda ya ga 210 yau, bayan mako biyu ya ga 198, kada ya ce zogalen da yake sha ne ya yi aiki.

Sanyin Jos yana da nasa tasirin. Da hunturu yatsa kan yi sanyi, jini ya ƙi fitowa, sai mutum ya yi ta matsa. Matsar tana haɗo ruwan tsoka da jinin, lambar ta sauka. Wanke hannu da ruwan ɗumi, ka bushe shi sarai, ka zauna minti biyar, ka soki gefen yatsa, ka goge ɗigon farko da auduga, sannan ka cika bututun ba tare da kumfar iska ba. Wankin hannun yana da wani dalili: gilisarin da ake shafawa saboda kaushi, tsinken yana karanta shi a matsayin TG, sai lambar ta tashi ba gaira ba dalili. Idan TG kake son sani, ka yi awa 9 zuwa 12 ba ka ci komai ba sai ruwa. Masu sikila da masu ƙarancin jini su duba takardar cikin kwalin, domin kowane tsinke yana da iyakar PCV, wato awon jajayen ƙwayoyin jini, da yake aiki a cikinta, yawanci daga wajen 30 zuwa ɗan sama da 50.

Inda ake cutar mutane sosai shi ne tsinken gwaji. Na'urar sau ɗaya ake saye, tsinke kuwa kullum, kuma sinadarin da ke jikinsa zafi da danshi suna kashe shi. Yawancinsu ba sa son wuce digiri 30, ga shi kwalin na iya shafe kwanaki a bayan mota daga Legas cikin zafin Maris. Kada ka sayi tsinke ɗai-ɗai a ƙullin leda, komai arharsa. Duba ranar ƙarewar aiki a jikin robar da kuma jikin kwalin, su zo ɗaya, kuma ka shafa wurin da yatsa: in an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, ajiye musu kayansu. Ƙaramin maɓallin lamba da ke zuwa cikin kwali dole lambarsa ta dace da ta robar, domin shi ke gaya wa na'urar yadda za ta karanta wannan rukunin. Wanda ya ce maka tsohon maɓallinka zai yi, ciniki kawai yake nema. Nemi lambar rajistar NAFDAC, ka kuma tambayi ruwan gwaji na kamfanin, wanda ake ɗigawa a tsinke don a ga ko sakamakon ya faɗa cikin iyakar da aka rubuta. Kantin da ba ya sayar da tsinken na'urar a kai a kai, kada ka sayi na'urar a can.

Kafin ka amince da sabuwar na'ura, tafi da ita ɗakin gwaji mai rajistar MLSCN, hukumar da ke kula da ɗakunan gwaji a Najeriya, ko na babban asibiti irin JUTH da ke Lamingo. A ɗebi jini ta jijiya, kai kuma ka soki yatsa cikin minti goma. In takardarsu da mmol/L aka rubuta, ninka kolesterol da 38.7 ka sami mg/dL. Bambancin da bai wuce kashi 10 ba a jimillar kolesterol abin karɓa ne. In ya wuce haka har sau biyu da sabon kwali, mayar da ita.

Ko na'urar ta ci wannan jarrabawar, ka tabbatar a ɗakin gwaji duk lokacin da jimilla ta kai 240, ko LDL ya kai 160, ko TG ya wuce 400, ko allon ya nuna HI ko LO, wato lambar ta haura ko ta gaza iyakar na'urar. LDL 190 ko TG 500 kuwa ganin likita yake bukata a makon, domin na farko yana iya zama na gado, na biyu kuma yana iya kumbura gaɓar ciki da ke samar da insulin. Mai ciwon sikari ko ƙoda, da wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ɗakin gwaji za su riƙa zuwa ko lambar gida ta yi kyau. Haka wanda ya fara sitatin: gwajin farko, tsakanin mako 4 zuwa 12 da farawa, na jijiya ne. Mai juna biyu da wanda bai jima da tashi daga zazzaɓi mai tsanani ko tiyata ba su jinkirta, domin ciki yana ɗaga lambar, rashin lafiya kuma yana saukar da ita na wasu makonni.