Lissafi da hira a lokaci guda, ko lissafi ya fara hira ta biyo baya?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu tana koyar da iyaye mata yadda ake ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 a wasu gundumomin Akko, nan Gombe. An ce in auna tasirin shirin da ƙididdiga da kuma hira. In yi su tare ne ko ɗaya bayan ɗaya? Kuma yaya ake haɗa su a rahoto? Wata bakwai nake da shi."

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zo kan tsari, bari mu tsayar da abin da za ki auna, domin duk hanyar da kika bi shi ne zai riƙe aikin. Ma'aunin da aka fi amfani da shi ga yaran wannan shekaru shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF wanda aka sabunta a 2021: yaro ya ci daga rukuni biyar aƙalla cikin rukunin abinci takwas a jiya, dare da rana. Rukunan su ne nonon uwa, hatsi da su dankali da rogo, wake da gyaɗa da danginsu, madara da nonon shanu, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A, irin su zogale da kabewa da nunannen mangwaro, sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Tsohon ma'aunin na 2008 huɗu cikin bakwai ne, ba a ƙirga nonon uwa. Ki duba da wanne aka yi binciken farkon shirinku, don idan suka sha bamban alƙaluman ba za su kwatantu ba sai an sake lissafi. Awon damtse da nauyi kuwa ban so ki jingina hukuncinki a kansu. Zawo da zazzaɓin cizon sauro da ruwan sha duk suna motsa su, shirin koyarwa kaɗai da wuya ya nuna a can cikin 'yan watanni.

To, hanya ta farko ita ce tafiya tare. Masu ɗaukar bayanai suna shiga gidaje da takardar tambayoyi a waya, a makon nan kuma wata tawaga tana zama da mata ana hira, tana kallon yadda ake koyarwar. Kowane ɓangare a tantance shi shi kaɗai, sannan a ɗora su gefe da gefe. Ribarta a fili take: fita ɗaya, kuɗin mota ɗaya, izinin hakimi da mai unguwa sau ɗaya. Akwai wata ribar da ba a cika faɗa ba, wato duk bayanan na yanayi guda ne. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da yaro ke ci a watan Afrilu, mangwaro na zube ko'ina, ba shi ne abin da yake ci a Agusta ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa amma ganye ya wadata. Idan hira da ƙididdiga sun faɗo a wata guda, to a kan tukunya guda suke magana.

Rauninta shi ne kin rubuta tambayoyin hira tun ba ki san abin da lissafi zai nuna ba. Sai ki dawo ofis ki ga cin ƙwai bai motsa ba ko kaɗan, ki buɗe rubutun hirarrakin, ki tarar ba wanda ya bi zancen ƙwai da kyau. Maganin wannan tun farko ake yinsa: kowane abu da takardar tambayoyi ke aunawa, a ba shi takwaransa a jagorar hira. In takarda ta tambayi ko yaro ya ci ƙwai jiya, hira ta tambayi ina ƙwan kajin gidan ke tafiya, wa ke yanke wannan shawara.

Hanya ta biyu bi-da-bi ce. A fara da ƙididdiga, a tantance, sakamakon ya nuna wa za a je wa da kuma me za a tambaya. Ga misali, alƙaluman ƙirƙira ne don a gane. A ce a gundumomin da aka yi koyarwa, yaran da suka kai rukuni biyar sun tashi daga kashi 20 zuwa 33 cikin ɗari. Kafin murna, ki dubi gundumomin da ba a yi shirin ba: sun tashi daga 19 zuwa 26, wataƙila saboda kaka ta shigo. Ƙarin 13 a cire 7, abin da za a iya jingina wa shirin maki 6 ne. Sai ki fasa alƙaluman rukuni-rukuni, ki ga kusan duk ƙarin daga wake da gyaɗa da ganye ya fito, ƙwai da nama suna nan inda suke. Kuma a cikin matan da suka halarci zama da yawa akwai waɗanda ba su canja komai ba.

Yanzu kin san inda za ki. Ki raba matan gida huɗu: mai halarta sosai da ta canja, mai halarta sosai da ba ta canja ba, mai ƙarancin halarta da ta canja duk da haka, da wadda ba ta zo ba ba ta kuma canja ba. Ki ɗauki biyar ko shida daga kowane gida. Gida na biyu da na uku su ne masu daɗin ji. Wadda ta zo kowane zama amma kwanon ɗanta bai canja ba, ita ce za ta gaya miki cewa maigida ke cefane, ko ƙwan ana tara shi a kai kasuwa a sayo gishiri da sabulu, ko uwar miji ta ce yaron da aka saba masa da ƙwai sata zai koya. Wadda ba ta cika zuwa ba amma ta canja, sau da yawa a wajen kishiya ko maƙwabciya ta ji yadda ake haɗa garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa, wanda ke nufin saƙon yana yaɗuwa, kuma mai yiwuwa ya tsallaka har gundumar da kike kwatantawa da ita ya rage miki tazarar. Da kin ji haka sai ki ƙara hira da 'yan magidanta da kakanni, abin da ba lallai ki yi tunaninsa ba tun farko.

Farashin wannan hanya lokaci ne. Tattara bayanai, gyara su, tantancewa, sake rubuta jagorar hira, wani lokacin har da komawa wajen kwamitin da ya ba da izinin bincike don ya amince da sababbin tambayoyi. In aka yi sakaci wata uku ya shiga tsakani, yaron da aka auna yana wata 10 ya zama ɗan wata 13, ya fara cin tuwon gida, uwar kuma tana ba ki labarin wani yanayi daban. Kada tazarar ta wuce mako shida in da hali. Kuma ki kauce wa watan azumi da kwanakin Sallah a duka hanyoyin, abincin gida ba ya kama da na kullum.

Abu ɗaya ke kashe hanyar bi-da-bi tun kafin ta fara: rashin lambar shaida. Kowace uwa a ba ta lamba a takardar farko, ko da manhajar KoboToolbox kike aiki ko da ta ODK, kuma lambar nan ta bi ta har rajistar halarta da rubutun hira. Sunaye da kwatancen gida su zauna a wani fayil daban a kulle. A takardar amincewa kuma a rubuta cewa ana iya dawowa gare ta. In babu wannan, ba ki da hanyar gano wace ce a gida na biyu.

Haɗawa a rahoto iri ɗaya ce a duka biyun, kuma tebur ne ke yin ta. Kowane layi abu ɗaya: ƙwai, ganye, yawan ciyarwa a rana. A gurbi na farko na layin abin da lissafi ya nuna, na biyu abin da mata suka faɗa, na uku hukuncinki, wato sun yi daidai, ko hira ta ƙara haske, ko sun saɓa. Layin ƙwai zai ce: cin ƙwai bai canja ba; mata sun san amfaninsa amma ba su ke da iko da shi ba; saboda haka matsalar ba ta ilimi ba ce, ƙara zaman koyarwa ga mata kaɗai ba zai motsa ta ba. Wannan jimla ta ƙarshe babu ɓangaren da zai iya fitar da ita shi kaɗai. Rahoton da ya sa ƙididdiga a babi na huɗu, hira a babi na biyar, ba su gaisa ba sai a shafin ƙarshe, bincike biyu ne a bango ɗaya.

Idan suka saɓa, kada ki yi saurin cewa lissafi ne mai gaskiya. A ce takarda ta nuna cin wake ya yi tsalle, amma a hira mata suna cewa wake ya yi tsada sun rage saye. Ki fara duba yadda aka rarraba abinci. Akwai mai ɗaukar bayanai da zai ƙirga daddawar miya a matsayin wake, alhali ɗan abin da ake sawa don ɗanɗano ba ya shiga rukuni. Ki duba sakamakon kowane ma'aikaci daban, in na mutum ɗaya ya fi na kowa nesa ba kusa ba, kin samo shi. Sannan ki tuna matan da aka koyar sun san amsar da ake so. Shi ya sa ya fi kyau kada a karanta musu jerin abinci su ce e ko a'a kawai, sai dai a bi ranar daga farkawa zuwa barci: me ya ci da safe, me aka zuba a ciki. Shi ya sa kuma wadda ta koyar da su ba ita za ta yi musu tambaya ba.

Game da yawan mutane, ƙididdiga ce mai cin jama'a. Don gano tazarar kashi 20 da 35 da ƙa'idar da aka saba, kina buƙatar kusan yara 138 a gundumomin shirin, wasu 138 kuma a gundumomin kwatantawa. Amma da yake ƙauye-ƙauye za ki ɗauka, kuma gidajen ƙauye ɗaya abincinsu kusan ɗaya ne, adadin yakan kusan ninka. In kina ɗaukar 20 a kowane ƙauye, ki shirya wa kamar 270 a kowannensu. Ƙauyuka da yawa da mutane kaɗan-kaɗan ya fi ƙauyuka kaɗan da mutane da yawa.

Da wata bakwai a hannu, ni bi-da-bi zan zaɓa miki, muddin kuna da bayanan farkon shiri da rajistar halarta mai kyau. Wata biyu na shiri da ƙididdiga, wata ɗaya na tantancewa, hira a wata na huɗu, sauran na rubuta hirarrakin da haɗawa, kuma ki bar wa fassarar hira lokaci, musamman in wasu da Fulatanci aka yi su. In kuwa shirin bai ƙare ba kuma kina son ganin zaman koyarwa da idonki, ko damina za ta rufe hanyar wasu ƙauyukan kafin ki koma, ki yi tafiya tare, amma ki zana teburin haɗawar da layukansa tun kafin a fita, ki gina jagorar hira a kansa.