Jerin kwanakin zuwa aiki: ROW_NUMBER ko LAG?

Masu riƙe rajistar ma'aikata a Garwa suna yawan tambayata hanyar da ta fi a SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, wajen gano kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba.

A ce Musa ya zo ranakun 3, 4, 5, 8, 9. Da ROW_NUMBER, mai ba kowane layi lamba 1, 2, 3 bisa tsarin ranaku, ka cire lambar layi daga ranar, sai ka samu 2, 2, 2, 4, 4: ranakun da suka ba da lamba ɗaya jeri ɗaya ne, jeri biyu ke nan. Gajeriya ce, ina son ta, amma in an rubuta rana ɗaya sau biyu lissafin ya wargaje, sai ka fara da DISTINCT don cire maimaici.

LAG kuwa tana duba ranar baya, ta sa alama inda tazara ta wuce kwana 1, sannan SUM ya riƙa tara alamomin layi bayan layi, kowane jeri ya samu lambarsa. Ta fi tsawo, amma za ka iya gaya mata hutun Lahadi ba fashi ba ne.

Mai tsaftatacciyar rajista, ta farko ta ishe shi. Mai ranakun hutu, ya ɗauki LAG.