Gurbin da ke aiki da gurbin da ke cika fom kawai

"Salamu alaikum 'yan uwa. Muna gyaran famfunan sola a jihar Gombe, da manhajar Redmine muke bin rahotannin lalacewa. Oga ya ce in ƙara gurabe shida a fom: ƙaramar hukuma, sunan gari, dalilin lalacewa, gaggawa, sunan mai gyara, da ƙarin bayani. Wanne zan bari?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ni uku kawai zan ƙara. Kowane gurbi ina yi masa tambaya biyu: akwai wanda zai tace rahotanni da shi ya yanke shawara? Kuma mai cika fom ya san amsar a lokacin da yake cikawa?

Ɗauki ƙaramar hukuma. Ta ci tambayoyin biyu, amma irin gurbin ne zai sa ta yi amfani ko ta lalace. In ka yi ta Text, wani zai rubuta Yamaltu/Deba, wani Deba, wani Y/Deba. Ranar da Oga ya nemi yawan famfunan da suka tsaya a can, lissafin ya rabu uku, kuma ba wanda zai lura. In ka yi ta List da ƙananan hukumomi 11 na jihar, ka kunna "Used as a filter", kowa zaɓa kawai zai yi. Sunan gari kuwa bar shi Text, domin ƙauyuka sun fi ƙarfin jeri.

Dalilin lalacewa shi ne ya fi damuna, don yana da amfani sosai amma ana sa shi a inda bai dace ba. Mai karɓar kira daga Dukku abin da ya ji kawai shi ne "ruwa ba ya zuwa". Bai san ko famfo ne ya ƙone, ko waya aka sace, ko rijiyar ce ta ja baya ba. In ka tilasta masa cikawa, zai danna na farko a jeri don fom ya wuce, sai ku sayo kayan gyara bisa ƙarya. Yi shi List mai ɗauke da zaɓin "Wani abu daban", ka kunna "Used as a filter", amma kada ka sa masa Required tun farko. Shiga Workflow, ɓangaren "Fields permissions", ka wajabta shi a matakin Resolved, lokacin da mai gyara ya gani da idonsa.

Sauran ukun maimaici ne. Gaggawa ita ce Priority, mai gyara shi ne Assignee, ƙarin bayani kuma Description ya ɗauke shi. Gurbi biyu a kan abu ɗaya, wata rana sai sun saɓa wa juna.

Bayan wata guda, tace dalilin lalacewa da "none" a rahotannin da aka rufe don ka ga waɗanda ba a cika ba, sannan ka duba sau nawa aka zaɓi "Wani abu daban". In shi ya fi yawa, jerinka ne bai dace da abin da masu gyara ke tararwa ba. Zauna da su ku sake shi.