Kurajen kunzugu: ɓacin fata ne ko cutar naman gwari?

Idan ƙasan jariri ya yi ja, abu na farko da ya kamata uwa ta duba shi ne matsematsi, wato lungunan da cinya ta haɗu da mara. Ɓacin fatar da fitsari da kashi da gugar kunzugu suke jawowa yana tsayawa ne a wuraren da kunzugun yake taɓawa, kamar ɗuwawu da saman cinya, ya bar lungunan nan lafiya lau. Yawanci yakan lafa cikin kwana 2 zuwa 3 idan ana sauya kunzugu da wuri, ana wanke wurin da ruwan ɗumi, ana barin iska ta busar da shi, sannan a shafa man zinki da kauri.

Cutar naman gwari, wadda ƙwayar kandida take haddasawa, halinta dabam ne, domin ita danshi da ɗumi take so, saboda haka cikin lungunan take kutsawa. Jan nata ya fi ƙarfi, yana ƙyalli, gefensa a fayyace yake, kuma akan ga ƙananan jajayen kuraje sun watsu a kewaye da shi. Zato yana ƙaruwa idan jaririn ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, ko kuma aka ga farin abu kamar dasƙararren nono a cikin kumatunsa wanda ba ya goguwa cikin sauƙi. A nan man zinki kaɗai ba zai wadatar ba. Ma'aikacin lafiya yakan rubuta man nistatin ko kulotirimazol. Ina roƙon iyaye su guji mayukan gauraye masu sinadarin siteroyid mai ƙarfi, domin suna sirantar da fata.

Zazzaɓi, ruwan mugunya ko ƙurji mai fashewa kuwa na asibiti ne nan take.