Kelly cikakke, rabi ko kwata: nawa za ka sa a ciniki ɗaya?

Duk mai taɓa kirifto ko hannun jari a waya a garin nan na Kaduna, daga Kawo har Barnawa, ka saurari hirarsa za ka ji akasari kan me za a saya ne da yaushe za a shiga. Nawa za a sa kuwa sai ka ji an ce gwargwadon ƙarfin zuciya. To ai akwai lissafinsa, sunansa lissafin Kelly, wani masani John Kelly na Bell Labs a Amurka ne ya fitar da shi a 1956, daga baya Edward Thorp ya kai shi kasuwar hannun jari. Abin da yake nema shi ne kason jarin da in kana sa shi kullum kuɗinka zai fi saurin girma a dogon zango.

```
f = p - (q / b)
```

p shi ne sau nawa kake cin riba cikin ɗari, q sau nawa kake faɗuwa, b kuma ribar da ka saba ci in an raba ta da asarar da ka saba yi. f ɗin da ya fito shi ne kason jarin da ka yarda ya tafi idan cinikin ya ƙi.

Mu ɗauka kana da naira 500,000, ka duba littafinka ka ga kana ci sau 45 cikin 100, kuma in ka ci kana samun ninki biyu na abin da kake rasawa. Wato 0.45 a cire 0.55 da aka raba biyu, ya ba ka 0.175, kashi 17.5 cikin ɗari kenan, naira 87,500. Wannan shi ne Kelly cikakke. Rabinsa 43,750, kwata kuma 21,875. A kula don Allah, wannan fa kuɗin da za ka rasa ne in farashi ya taɓa `stop loss` ɗinka, wato wurin da ka sa za ka fita don tsayar da asara, ba yawan kayan da za ka saya ba. In ka zaɓi kwata kuma ka sa wurin fita kashi 10 ƙasa da farashin shiga, kayan naira 218,750 za ka saya, saboda kashi 10 nasu shi ne 21,875 ɗin.

Yanzu wanne za ka ɗauka? Cikakken a takarda ya fi kowa gudu, babu musu, amma hanyar ce ba kowa zai iya ba. Mai ci 45 cikin 100, faɗuwa biyar a jere ba abin mamaki ba ne, duk ciniki biyar da ka jera yiwuwar su faɗi gaba ɗaya kusan ɗaya cikin ashirin ce, ka ga in kana ciniki da yawa wata rana dole ka gamu da ita. Da cikakke 500,000 ɗinka za ta koma wajen 191,000, da rabi wajen 316,000, da kwata kuma wajen 400,000. Mai 191,000 sai ya ninka kuɗinsa sama da sau biyu da rabi kafin ya dawo inda ya faro, kuma wallahi mutumin da kuɗin haya da na makarantar yara ke jiransa ba zai zauna ya ci gaba da bin lissafi a wannan halin ba, ko ya rufe akawun ko ya fara ramuwar gayya ya ƙara girman ciniki, nan ne kuma ake ƙarasawa.

Masu lissafi sun kiyasta cewa mai bin cikakke, ko da lambobinsa daidai suke, yiwuwar wata rana jarinsa ya sauka zuwa rabin abin da ya fara da shi kusan 50 cikin 100 ce. Mai bin rabi tasa kusan ɗaya cikin takwas, kuma abin daɗin shi ne bai rasa rabin gudun ba, yana riƙe da wajen kashi 75 na saurin girman cikakke. Mai kwata yana samun wajen kashi 44 na saurin, yiwuwar jarinsa ya rabe kuma ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya zarce ya sa ninki biyu na Kelly kuwa girmansa ya dawo kusan sifili, ya wuce haka kuɗin sai raguwa, duk da dabarar tasa mai riba ce.

Amma ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Wa ya ce maka p ɗinka 45 ne? Ciniki talatin ko arba'in ka ƙirga, wataƙila ma a lokacin da kasuwa ke ta hawa kowa yana ci. A ce gaskiyar 40 ne, sannan kuɗin kamasho da ratar farashin saye da sayarwa da zamewar farashi lokacin fita sun rage b daga 2 zuwa 1.7. Sake buga lissafin: 0.40 a cire 0.60 da aka raba da 1.7, ya rage 0.047, ko kashi 5 bai kai ba. Dubi yadda ɗan kuskure ya rushe amsar. Wanda ke sa 17.5 yana ganin Kelly yake bi alhali ya ninka shi fiye da sau uku, jarinsa zai dinga zaizayewa. Mai rabi da 8.75 ya kusa ninki biyu, yana ta wahala kuɗi na nan inda suke. Mai kwata da kusan 4.4 shi ne ya faɗo dab da daidai ba tare da ya sani ba. Kuskure ta ƙasa jinkiri kawai yake jawo maka, kuskure ta sama uwar kuɗi yake ci, shi ya sa ƙwararru ke ragewa.

Sai wani abu da lissafin ya ɗauka, cewa ciniki ɗaya kake yi ya ƙare sannan ka shiga wani. In ka buɗe ciniki a kirifto iri huɗu lokaci guda kuma duk Bitcoin suke bi, in ya faɗi su faɗi tare, to ciniki ɗaya ne, raba kason za ka yi musu ba kowanne ya samu nasa cikakke ba. Haka ɗan kasuwar da ya ɗaure masara da dawa da gero lokacin kaka a Saminaka, in hatsi ya karye ai tare suke karyewa.

Akwai zaɓi na huɗu, tsayayyen kashi 1 ko 2, wato 5,000 zuwa 10,000 a jarin nan namu. Ba ya buƙatar ka san p ko b, kuma in ba ka da rubutaccen tarihin ciniki sama da ɗari na kuɗin gaske, ba na gwaji ba, ni shi zan ce ka ɗauka. In tarihin ya taru kuma ka haɗa da lokacin da kasuwa ta faɗi, ka hau kwata, kana sake lissafi kan jarin da ke hannunka yau ba na farko ba. Rabi na bar wa mai ɗaruruwan ciniki a rubuce wanda kuma ba da kuɗin yake cefane ba. Cikakke ban ba kowa shawararsa ba.

In kuma ka buga f ya fito sifili ko ƙasa da sifili, ma'anarsa dabarar ba ta da rinjaye, kar ka sa ko kwabo. Abin da yake bayarwa kenan a cacar ƙwallo ta yau da kullum, don kamfani ya riga ya cire rabonsa a cikin farashin, ban da haramcinta da muka sani.