Taƙaita Doguwar Tattaunawa a Jimla Biyu: Wa Ya Kamata a Ba Aikin?

Wanda zai biya kuɗi a taƙaita masa tattaunawar awa ɗaya da rabi a jimla biyu ya kamata ya san tun farko cewa kuɗinsa na sauraro ne da na tantancewa, domin rubutun kansa ba ya ɗaukar minti biyar. Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Kano da ya tura wakilinsa Maigatari ya zauna da shugabannin wata ƙungiyar manoman riɗi, wakilin ya naɗi zaman a waya, ya turo masa ta WhatsApp. Maigidan yana Dawanau ana ta lodi, kuma dole ne kafin la'asar ya san ko zai tura kuɗi ko ba zai tura ba. Mutum uku ne zai iya ba aikin, kuma ba abu ɗaya kowannensu zai kawo masa ba.

Na farko shi ne wakilin da ya halarci zaman. Shi ne mafi sauri, ba a ƙara masa ko sisi, kuma ya ga fuskokin mutane, wanda waya ba ta naɗa. Matsalarsa ita ce yana da hannu a maganar. Wanda ya yi doguwar tafiya kuma yake sa ran la'ada yakan ji amincewa a inda babu ita, sannan abin da ya fi tunawa shi ne hujjojin da shi da kansa ya kawo. Idan zaman na bayani ne kawai, babu kuɗin da zai fita a kansa, taƙaitawarsa ta wadatar. Idan kuwa akwai alkawari a ciki, bai kamata a tsaya a kanta ita kaɗai ba.

Na biyu shi ne mai buga takardu, ko mai sana'ar mayar da sauti rubutu, wanda zai rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma, sannan a tsamo jimla biyun daga ciki. A nan ne mutane suka fi yin kuskuren lissafi. Ƙwararren mai wannan aiki yakan ɗauki awa huɗu zuwa shida a kan kowace awa ɗaya ta sauti, saboda haka zaman minti 90 zai cinye masa awa shida zuwa tara, kuma zai wuce haka idan an yi shi a rumfar kasuwa, babura suna wucewa, mutum uku suna magana lokaci guda. Abin da zai fito zai haura kalmomi 10,000, wato shafuka da yawa da har yanzu suke jiran wanda zai karanta su ya fitar da gundarin maganar. La'asar za ta wuce ba a gama ba. Ban da haka, farashin da aka tattauna da sunayen masu kaya za su shiga kwamfutar wani shago da kowa yake zama a gabanta. Wannan hanya tana da amfani ne idan ana tsoron jayayya nan gaba, ko lauya zai buƙaci ainihin lafazin, ko za a ajiye rubutun a matsayin shaida. Idan jimla biyu kawai ake nema, an sayi abin da ya fi ƙarfin buƙata.

Na uku, wanda a ganina ya fi dacewa da wannan hali, shi ne mutumin da bai halarci zaman ba amma ya san harkar, kamar akawun kamfanin ko wani amintaccen yaron shago da ya daɗe a cinikin riɗi. Zai saurari sautin daga farko har ƙarshe da biro a hannu, ba tare da rubuta komai da komai ba, sai dai duk inda aka ambaci adadi, ko rana, ko sharaɗi, ya rubuta mintin da abin da aka ce. Idan ya ƙara saurin sautin zuwa 1.5, minti 90 zai koma awa ɗaya, amma wajibi ne ya dawo da shi daidai a wuraren da ake maganar kuɗi, domin a sauri ne ake rikita adadi. Da maimaita wuraren da ba su fita sosai ba, aikin zai kai kimanin awa biyu.

Dalilin da ya sa sauraro har ƙarshe ya zama sharaɗi shi ne yadda irin wannan zama yake gudana a wurinmu. Mintunan farko na gaisuwa ne da tambayar iyali da yadda damina ta kasance. Tsakiyar zaman ta ciniki ce, inda kowa yake faɗin farashin da ya san ba a kansa za a tsaya ba. Matsaya kuwa sai can ƙarshe, wani lokaci ma bayan an shafa fatiha, ana neman takalma, wani dattijo ya ce, "Af, amma fa sai an kawo kafin alƙalami kafin Alhamis." Wanda ya saurari rabin sautin ya gaji zai kawo farashin da aka riga aka janye, wanda kuma ya kashe da jin addu'a zai rasa sharaɗin da duk cinikin ya rataya a kansa.

Ga yadda ake gane aikin da bai yi ba. Idan aka kawo wa maigida cewa, "An tattauna batun farashin riɗi da sufuri da hanyar biyan kuɗi. Zaman ya yi armashi kuma an fahimci juna," to an ba shi jerin batutuwa ne, kuma bayan ya karanta dole ya ɗauki waya ya tambayi me aka yanke. Wanda ya yi aikin yadda ya kamata zai rubuta kamar haka: "Manoman sun amince su sayar da buhu 400 a farashin da muka taya, bisa sharaɗin mu biya kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami kafin ranar Alhamis. Ba a daidaita kan wanda zai biya kuɗin mota zuwa Dawanau ba, kuma shugabansu yana jiran amsarka a kan hakan gobe da safe." Jimla ta farko ta ɗauki abin da aka yanke da sharaɗinsa, ta biyu ta ɗauki abin da ya rage da abin da ake jira daga mai karatu. Ba a ambaci tsawon zaman ba, ba a lissafa mahalarta ba, saboda babu ɗaya daga cikinsu da zai sauya shawarar maigida.

Wuri mafi haɗari shi ne kalmar "sun amince". Idan abin da shugaban manoman ya ce shi ne, "To, za mu duba, sai mun koma mun yi shawara," babu amincewa a ciki, kuma mai taƙaitawar da ya mayar da shi amincewa domin jimlarsa ta yi kyau zai sa a tura kuɗi a kan maganar da ba a gama ba. Wannan ma dalili ne na neman wanda Hausa ta zauna masa kuma ya san yadda mutanen karkara suke ƙin abu cikin ladabi.

Kafin a ba kowa aikin, a gaya masa wanda zai karanta da shawarar da yake son yankewa, domin jimla biyun da za a rubuta wa mai fitar da kuɗi daban suke da waɗanda za a rubuta wa mai shirya motoci. Sannan a sharɗanta masa ya haɗo da mintin da kowane adadi ya fito, misali buhu 400 a minti na 71, kafin alƙalami a minti na 88. Maigida zai iya buɗe sautin a waɗannan wurare biyu ya tabbatar da kunnensa cikin minti ɗaya, kuma wanda bai saurara har ƙarshe ba ba zai iya kawo lambobin ba. A biya bisa tsawon sautin da ingancinsa, kada a biya bisa yawan kalmomin da aka rubuto, domin wanda ake biya da yawan kalmomi ba shi da dalilin tsayawa a jimla biyu.